Wanda Ya Yafe Ba Dole Ya Sake Miƙa Amana Ba

Akwai wata magana da nake yawan ji a wuraren sulhu, kuma duk lokacin da na ji ta sai raina ya sosu. Mutum ya zo an zalunce shi, an yi ta ba shi haƙuri har ya buɗe baki ya ce ya yafe, sai kuma a ce masa to tunda ya yafe, ya koma ya ci gaba da hulɗa da wanda ya cuce shi kamar yadda suke a da. Idan ya ce ya yafe amma ba zai sake haɗa dukiya ko sirri da mutumin ba, nan take sai wani daga cikin masu shiga tsakani ya kada baki ya ce: "Ashe dai ba ka yafe ba, da ka yafe da ba ka faɗi haka ba." Daga nan sai shari'a ta juya, wanda aka cuta ya zama shi ne mai laifi, ana kiransa mai riƙo da taurin zuciya, wanda ya yi cutar kuwa yana gefe ya sunkuyar da kai ana tausaya masa.

Ra'ayina shi ne wannan magana kuskure ce, kuma tana cikin abubuwan da suke hana mutane yin yafiya ta gaskiya. Yafiya ita ce mutum ya ajiye niyyar ramuwa, ya daina fatan sharri ga wanda ya cuce shi, ya daina bibiyarsa da laifin a zuci da kuma a baki. Karɓar haƙƙin da aka cinye, da sake amincewa da mutumin, da komawa zaman da ake yi a da, da gushewar zafin abin daga zuciya, kowane ɗayansu al'amari ne mai zaman kansa da yake da nasa sharaɗi da nasa lokaci. Idan aka ɗaure su gaba ɗaya aka ce sai mutum ya haɗiye su a lokaci guda, ɗayan biyu ne yake faruwa: ko dai ya ƙi yafewa sam domin ya kare kansa, ko kuma ya furta da baki saboda kunyar manya, ya tashi da ƙullacin da ya fi na farko.

Mu bi misali guda daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauka wani mutum ya ba amininsa na shekaru jari su yi kasuwanci a kan za su raba riba, ba tare da rubutu ko shaida ba, saboda yardar da ke tsakaninsu. Aminin ya karkatar da kuɗin zuwa buƙatun kansa, da aka nemi lissafi sai ya fara kwana-kwana, daga baya ya musanta adadin da aka ba shi, sannan domin ya wanke kansa ya shiga gaya wa mutane cewa mai jarin ne yake son ya cuce shi. Bayan wasu shekaru sai ya turo dattawa yana neman gafara.

Abu na farko da ya kamata a lura da shi shi ne cewa laifin nan ba ɗaya ba ne. An ci dukiya, an yi ƙarya, an kuma ɓata suna, kuma galibi na ƙarshen ne yake hana mai jarin barci, domin kuɗi ana iya sake nemansu amma mutanen da suka ji labarin ƙarya suna nan da shi a ransu. Masu sulhu da yawa sukan tsallake wannan mataki, su ce "abin da ya wuce ya wuce" tun kafin a ambaci abin da ya wucen. Mutum ba ya iya yafe abin da ba a yarda an yi masa ba, domin a lokacin yana fama ne da wani aiki daban, wato tabbatar wa kansa da jama'a cewa ba mafarki ya yi ba.

Idan mai jarin ya ce ya yafe, abin da ya ɗaukar wa kansa shi ne ba zai nemi hanyar da zai tozarta mutumin ba, ba zai bi abokan cinikinsa yana rusa shi ba, ba zai riƙa ɗaga hannu yana yi masa Allah ya isa ba, kuma idan ya ji wata masifa ta same shi ba zai yi murna ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma wanda ya taɓa ɗanɗana cin amana ya san nauyinsa.

Kuɗin kuwa suna nan a matsayin bashi har sai mai su ya ce ya bar su. Yana da damar ya ce: "Na yafe maka ƙaryar da ka yi mini, amma dukiyata za ka biya." Yana iya sassautawa ya karɓa kashi-kashi, yana iya yafe wani ɓangare, yana iya barin duka idan ya ga mutumin ba shi da hali, kuma kowane ɗaya daga cikin waɗannan kyauta ce ta biyu a kan ta farko. Abin da ya dace a wannan karon shi ne a rubuta adadin da lokutan biya a gaban shaidu, kuma babu wani cin fuska a cikin hakan, tunda aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi tsakanin mutanen da ba su ma taɓa cin amanar juna ba.

Sunan da aka ɓata shi ma yana da hanyar biyansa, wato wanda ya yi ƙaryar ya koma wurin mutanen da ya gaya wa ya warware ta da bakinsa. Neman gafara a ɗaki bayan an yi ɓatanci a bainar jama'a biyan rabin bashi ne. A nan ne kuma ake gane mai nadama ta gaskiya. Wanda ya yi nadama yakan ambaci abin da ya yi da sunansa, ya fara mayar da abin da zai iya mayarwa tun kafin a roƙe shi, kuma idan aka ce ba za a sake ba shi jari ba sai ya ce ya fahimta. Wanda yake neman a rufe maganar kawai yakan fara da "idan na yi maka laifi", ya haɗa da "dukkanmu mun yi kuskure", kuma da zarar an gindaya masa sharaɗi sai ya fusata ya ce an wulaƙanta shi. Fushin nan shaida ce babba, domin yana nuna abin da ya zo nema shi ne matsayinsa na da.

Sai batun sake haɗa kasuwanci, wanda a kansa ne ake yawan matsa wa mutane. Amincewa hukunci ne da hankali yake yankewa a kan abin da ake tsammani daga mutum nan gaba, bisa abin da aka gani daga gare shi a baya, saboda haka ba a iya bayar da ita kyauta kamar yadda ake bayar da yafiya. Ko da mai jarin ya so ya amince, zuciyarsa ba za ta bi umarninsa ba sai ta ga dalili. Idan mutumin ya cika alkawarin biya wata bayan wata, ya tsare ƙananan amanoni na tsawon lokaci, amincewa tana iya dawowa a hankali, kuma tana iya ƙin dawowa har abada ba tare da wannan ya rage komai daga yafiyar da aka yi ba.

"Amma ai addini ya ce a yafe"

Wannan ita ce hujjar da aka fi kawowa, kuma gaskiya ce, addini ya kwaɗaitar da yafiya ƙwarai. Sai dai masu kawo hujjar sukan karanta rabi su bar rabi. Aya ta 40 a Suratush Shura ta ce wanda ya yafe kuma ya gyara ladansa yana ga Allah, aya ta 41 da ke biye da ita kuma ta ce wanda ya nemi haƙƙinsa bayan an zalunce shi babu wata hanyar zargi a kansa, sannan ta 42 ta mayar da zargin kan masu zaluntar mutane. Ke nan yafiya falala ce da ake kwaɗaitar da wanda aka zalunta a kanta, mayar da haƙƙi kuwa wajibi ne a kan wanda ya yi zaluncin. Abin mamaki shi ne a zaman sulhu da yawa an juya wannan tsari, ana shafe sa'o'i ana matsa wa mai falala, mai wajibi kuwa ba a ce masa komai ba.

Labarin da ya fi fito da abin da nake nufi shi ne na Wahshi, wanda ya kashe Sayyidina Hamza, baffan Annabi (SAW), a yaƙin Uhudu a shekara ta 3 bayan Hijira. Bayan shekaru Wahshi ya zo ya musulunta, kuma an karɓi musuluncinsa, ba a kashe shi ba, ba a hukunta shi ba, ba a hana shi komai daga haƙƙin musulmi ba. Amma kamar yadda Bukhari ya ruwaito daga bakin Wahshi kansa, Annabi (SAW) ya tambaye shi ko zai iya kawar da fuskarsa daga gare shi. Wahshi ya kiyaye wannan buƙata, ya rayu a matsayin musulmi, har ya halarci yaƙin Yamama a zamanin halifancin Abubakar inda ya sa hannu a kashe Musailama. Babu mai hankalin da zai ce afuwar da aka yi wa Wahshi ba ta cika ba. An yafe masa, zafin rashin Hamza bai gushe ba, kuma an nemi tazara, duka ukun a lokaci guda daga mafi tsarkin zuciya. Idan haka ne, ban ga dalilin da zai sa a ce wa wani bawan Allah yafiyarsa ta ƙarya ce don kawai ya ce ba ya son yawan haɗuwa da wanda ya cuce shi ba.

A kan amana kuma, akwai maganar Annabi Yaƙub (AS) lokacin da 'ya'yansa suka nemi ya ba su ƙanin Yusuf su tafi da shi Masar. Ya tuna musu da yadda ya amince musu a kan Yusuf a baya, kuma bai saki yaron ba sai da suka ɗaukar masa alkawari mai ƙarfi da sunan Allah. Shekaru masu yawa yana zaune da 'ya'yan nan bai kore su ba, amma da aka zo batun sake miƙa musu yaro sai ya nemi tabbaci. Shi kansa Annabi Yusuf (AS), kalmarsa ta cewa babu zargi a kansu ta zo ne bayan 'yan'uwan sun furta da bakinsu cewa su masu laifi ne. Haka nan hadisin da ya ce ba a saran mumini sau biyu daga rami ɗaya yana cikin Bukhari da Muslim, kuma ba a taɓa ɗaukarsa a matsayin kishiyar yafiya ba.

Mabiya addinin Kirista ma suna da irin wannan ma'auni. An umarce su da yafiya ba iyaka, amma a Luka 17:3 an haɗa tsawatar wa ɗan'uwa mai laifi da gafarta masa idan ya tuba, kuma Zakka mai karɓar haraji ya nuna tubarsa ne da alkawarin mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu.

Akwai hujja ɗaya mai ƙarfi da za a iya kawo mini, kuma ba zan kauce mata ba. Misɗahu, ɗan'uwan Abubakar ne matalauci da Abubakar yake ciyarwa, amma ya shiga cikin masu yaɗa ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha. Abubakar ya rantse ba zai ƙara ba shi komai ba, sai aya ta 22 a Suratun Nur ta sauka tana kira da a yafe a kau da kai, Abubakar kuwa ya mayar masa da abin da yake ba shi. Za a ce ga shi nan, yafiya ta mayar da al'amari yadda yake. Amma a duba da kyau. Wannan ya faru ne bayan an wanke Nana A'isha a fili, gaskiya ta tabbata ba sauran mai jayayya, kuma an ruwaito cewa an tsayar wa Misɗahu haddin ƙazafi. Sannan abin da Abubakar ya mayar taimako ne ga mabuƙaci, wanda yanke shi yake daidai da ramuwa ta hanyar yunwa. Darasin da ke ciki shi ne kada mai ƙarfi ya yi amfani da abin hannunsa ya azabtar da wanda ya riga ya sha hukuncinsa, kuma wannan darasi na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Idan aminin da ya ci jari ya faɗa rashin lafiya, yafiya ta gaskiya tana iya kai mai jarin ga taimaka masa da kuɗin magani. Wannan daban yake da sake ba shi makullin dukiya.

Sai hadisin da ya hana musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku. Hadisin da kansa ya bayyana cewa mafi alherinsu shi ne wanda ya fara yin sallama, kuma malamai da yawa sun tafi a kan cewa sallama da amsa ta suna fitar da mutum daga ƙauracewar da aka hana. Abin da aka hana shi ne gaba, a haɗu wannan ya kau da kai wancan ya kau da kai. Ba a wajabta wa kowa ya mayar da wani abokin sirrinsa ba.

"Yawan sharaɗi yana kashe zumunci"

Wasu za su ce idan kowa ya tsaya yana lissafin haƙƙi da sharuɗɗa, zaman tare ba zai yiwu ba. Suna da gaskiya a kan ƙananan laifuffuka, irin su magana mai zafi da aka yi cikin fushi, ko mantuwa, ko rashin kulawa na ɗan lokaci. Waɗannan kau da kai ne maganinsu, kuma wanda yake kafa zaman sulhu a kan kowane ɗayansu shi ne zai gaji ya gajiyar da mutane. Maganata a kan cuta ce mai nauyi, ko wadda ake maimaitawa.

A irin wannan, yafiyar da ba ta tare da wani sakamako tana iya zama lasisi ga mai laifi. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, James McNulty, ya wallafa bincike a 2011 bayan ya bibiyi sababbin ma'aurata na tsawon shekaru huɗu na farkon aurensu. Ya gano cewa waɗanda suke saurin nuna yafiya, abokan zamansu sun ci gaba da cutar da su da baki ko da hannu a tsawon shekarun ba tare da raguwa ba, alhali a wurin waɗanda ba su da saurin yafewa cutarwar ta ragu. Bincike ɗaya ba ya zama hukunci a kan kowane aure, amma ya yi daidai da abin da ido yake gani: mutumin da ya san duk abin da ya yi za a ce "ba komai" a wayi gari kamar ba a yi ba, ba shi da abin da zai tilasta masa ya canza.

Saboda haka ne nake ganin babban kuskure ne a yi wa wanda har yanzu ake cuta wa'azin yafiya. Matar da ake duka, ko ma'aikacin da ake danne wa albashi wata bayan wata, abin da suke buƙata da farko shi ne a tsayar da cutar. Haka nan idan laifin ya shafi wasu, kamar wanda ya ci zarafin yaro ko wanda ya saba damfarar mutane, yafiyar mutum ɗaya ba ta ba shi izinin yin shiru ba, domin haƙƙin yaron da zai faɗa hannun mutumin gobe ba nasa ba ne balle ya yafe. Mutum yana iya wanke zuciyarsa daga ƙiyayya kuma ya je ya ba da shaida a gaban alƙali a rana ɗaya.

Wannan ya kawo mu ga tambayar wane ne yake da ikon yafewa. Bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata a Afirka ta Kudu, an kafa Hukumar Gaskiya da Sulhu a ƙarƙashin jagorancin Desmond Tutu, ta fara zama a 1996, kuma tana da ikon yi wa masu laifin siyasa afuwa idan sun bayyana cikakkiyar gaskiyar abin da suka aikata. Mutum fiye da 7,000 suka nemi afuwar, amma mafi yawansu ba su samu ba. Iyalan Steve Biko, ɗan gwagwarmayar yaƙi da wariyar launin fata wanda ya mutu a hannun 'yan sanda a 1977, sun ƙi amincewa da tsarin, har suka shiga cikin waɗanda suka ƙalubalance shi a kotu. Abin lura shi ne hukuma tana iya ɗage hukuncinta, amma ba ta da ikon ta yafe a madadin uwar da aka kashe wa ɗa. Idan ƙasa guda ba ta da wannan iko, to dattijon da yake cewa "na yafe masa a madadinka, maganar ta mutu" shi ma ba shi da shi, komai girmansa da kyawun niyyarsa.

Ƙullaci kuma fa?

Kada a fahimce ni a kan cewa ina kare masu riƙo. Fushin farko da mutum yake ji idan an zalunce shi abu ne mai amfani, shi ne yake sa ya tashi ya kare kansa ya nemi haƙƙinsa, kuma wanda aka ci amanarsa bai ji komai ba akwai abin dubawa a lamarinsa. Ƙullaci kuwa shi ne fushin da ya gama aikinsa amma ya ƙi tafiya, mai shi yana ta maimaita abin a ransa dare da rana yana shirya maganganun da zai faɗa da waɗanda ya kamata ya faɗa tun a lokacin. A wani gwaji da Charlotte Witvliet da abokan aikinta suka wallafa a 2001, an sa mutane su tuno wanda ya cuce su a zahiri. Lokacin da suke juya laifin a rai suna riƙe da ƙullaci, bugun zuciyarsu da hawan jininsu sun ƙaru fiye da lokacin da suke tunanin mutumin ta fuskar tausayi da yafiya. Wanda yake yin wannan juyayi kullum na tsawon shekaru, jikinsa ne yake biyan kuɗin, mai laifin kuwa wataƙila ya daɗe da mantawa.

Mai riƙo yakan fake da cewa taka-tsantsan yake yi, saboda haka ya kamata a san yadda za a rarrabe su. Taka-tsantsan yana tsayawa ne a kan wurin da aka yi cutar: mai jarin ba zai sake ba mutumin kuɗi ba, amma zai amsa sallamarsa, zai yi masa ta'aziyya idan ya yi rashi. Ƙullaci ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana bin mutumin zuwa ko'ina, ya haɗa da matarsa da 'ya'yansa da duk wanda ya gaishe shi, har ya kai ga uba yana hana 'ya'yansa hulɗa da yaran da ba a ma haife su ba lokacin da abin ya faru. Mai taka-tsantsan yana ba da labarin abin da aka yi masa ne ga wanda zai amfana, kamar alƙali ko wanda yake shirin ba mutumin amana ya zo neman shawara, mai ƙullaci kuwa yana ba kowa labarin, kuma a kowane karo labarin yana ƙara tsawo. Gwaji mafi sauƙi shi ne mutum ya lura da abin da yake ji idan labarin alheri ya zo game da wanda ya cuce shi. Idan ƙirjinsa ya yi ƙunci don ya ji mutumin ya samu buɗi, to akwai sauran aiki.

Akwai kuma wani nau'in riƙo da yake shigar yafiya, wato mutum ya ce ya yafe amma ya ajiye laifin a matsayin makami, duk lokacin da aka samu saɓani ko a kan mene ne sai ya zaro shi ya yi gori. Wanda ya biya haƙƙi, ya warware ƙaryarsa, aka ce an yafe masa, yana da haƙƙin kada a ci gaba da yi masa shari'a a kan abu ɗaya har ƙarshen rayuwarsa.

Sai dai bai kamata a rikita wannan da dawowar zafi ba. Everett Worthington, masanin da ya shafe shekaru yana nazarin yafiya kuma shi kansa aka kashe masa mahaifiya a gidanta, ya bambanta tsakanin yafiyar da mutum yake ƙudurtawa da yafiyar da zuciya take kaiwa gare ta. Ta farko ana iya yin ta a zama ɗaya, domin niyya ce a kan yadda mutum zai yi mu'amala. Ta biyu tana ɗaukar lokaci kuma tana tafiya tana dawowa. Mai jarin yana iya yafewa yau da gaske, bayan wata shida ya ga mutumin a wani taro ya ji zuciyarsa ta buga, fushin ya taso sabo. Wannan ba ya nufin ya yi ƙarya a yafiyarsa. Abin da ake dubawa shi ne abin da ya yi da fushin bayan ya taso, ko ya bi shi ya koma ɓata mutumin, ko ya tuna wa kansa alkawarin da ya ɗauka ya bar shi ya wuce. Mutane da yawa masu tsoron Allah suna azabtar da kansu da zargin munafunci a kan wannan, alhali ba a ɗora wa kowa ikon goge ƙwaƙwalwarsa ba.

Idan mai laifin bai taɓa amsa laifinsa ba

Wannan shi ne yanayi mafi wuya, kuma shi ne ya fi yawa. Aminin nan yana iya ƙin turo kowa, ya ci gaba da musu, ko ma ya mutu a kan musunsa. A nan sulhu ba zai yiwu ba, domin sulhu aikin mutum biyu ne. Abin da ya rage a hannun mai jarin shi ne ɓangaren da yake nasa shi kaɗai. Idan yana da shaida ko wata hujja yana iya zuwa kotu ko ya nemi haƙƙinsa daga abin da mamacin ya bari, tunda bashi yana gaba da rabon gado. Idan ba shi da hujja, yana da zaɓi biyu kuma dukansu halal ne: ya yafe gaba ɗaya yana neman lada, ko ya ce bai yafe haƙƙin ba ya bar shi ga hisabi, amma ya daina bin mutumin da ramuwa da zagi. Na biyun ba shi da darajar na farko, amma ya fi ƙarfin a kira shi riƙo, kuma mutane da yawa ta nan suke bi kafin bayan shekaru su kai ga na farkon da kansu.

Abin da masu shiga tsakani za su iya yi a irin wannan yanayi kaɗan ne, amma yana da tasiri. Su gaya wa wanda aka cuta a fili cewa sun ji bayaninsa kuma abin da aka yi masa zalunci ne, su je wurin mai laifin su faɗa masa haka nan ko da ba zai ji daɗi ba, sannan su bar wa wanda aka cuta lokacin da zai yanke shawara ba tare da sun ɗibar masa wa'adi ba. Idan kuma ya ce ya yafe amma ba zai sake haɗa dukiya da mutumin ba, su karɓi maganar yadda ya faɗe ta, su rubuta abin da aka amince a kai game da biyan bashin idan akwai, su rufe zaman a nan.